Jakar Speedy: Yadda Ake Rarrabe Ta Asali da Jabu

A watan Nuwamba na 2023 hukumomin Amurka suka sanar da kama kayan jabu kusan 219,000 a wasu ɗakunan ajiya a birnin New York, yawancinsu jakunkuna da takalma da tufafi masu ɗauke da tambarin manyan kamfanoni. An ƙiyasta cewa da na asali ne, da kuɗinsu ya haura dala biliyan ɗaya. Irin wannan kaya bai tsaya a Amurka ba. Yana fitowa da yawa daga kasuwannin fata na Guangzhou a ƙasar Sin, ya bi ta Dubai da sauran mashigai, ya sauka a shagunan Kano da Abuja da Yamai, daga nan ya shige akwatin lefe tare da takalmin da aka haɗa shi da shi.

Mai sayen jakar naira dubu ashirin ta san abin da ta saya, babu wanda ya yaudare ta. Matsalar tana wajen wadda aka ce wa jakar orijina ce, an ɗan yi amfani da ita a Turai, sannan aka yanka mata kuɗi mai nauyi. Masu sana'ar tantance jakunkuna suna da tsarin da suke bi a irin wannan hali, kuma ana iya koyon mafi yawansa ta hanyar jaka guda ɗaya da jabunta ya cika duniya, wato Speedy ta kamfanin Louis Vuitton.

A fara da sanin wace jaka ce

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki jaka a fara laluben tambari tun ba a san sunanta ba. Mai tantancewa yakan fara da tambaya ɗaya: wannan jakar wace ce take cewa ita ce? Dalili kuwa shi ne kowane samfuri yana da girmansa, da launin shafinsa, da irin ƙarafansa, da shekarar da aka fara yin sa. Idan ba a san samfurin ba, babu abin da za a gwada jakar da shi.

An kafa kamfanin Louis Vuitton a Paris a 1854, yana ƙera akwatunan tafiya. Zanen nan da kowa ya sani, na haruffan L da V haɗe da furanni a kan launin ƙasa, ɗan mai kamfanin, Georges Vuitton, ne ya fito da shi a 1896, ana kiran sa Monogram. Wani abin ban dariya shi ne an ƙirƙiro zanen ne domin a wahalar da masu kwaikwayo. Speedy ta fito a farkon shekarun 1930 a matsayin ƙanwar jakar tafiya mai suna Keepall. Siffarta kamar ƙaramar ganga ce a kwance, da mariƙi biyu zagayayyu na fata, da zif da ya bi ta sama, da ɗan kwaɗo a gefe. Da wannan ake raba ta da 'yan uwanta. Alma tana da gindi mai tauri na fata, samanta a lanƙwashe kamar ƙubba. Neverfull, wadda ta fito a 2007, buɗaɗɗiya ce babu zif a bakinta, mariƙanta sirara ne dogaye.

Lambar da ke bin sunan Speedy faɗinta ne a santimita. Akwai 25 da 30 da 35 da 40. Speedy 30 tana da faɗin santimita 30, tsayi 21, kauri 17, ita kuwa Speedy 25 faɗinta 25 ne, tsayi 19, kauri 15. Tef ɗin tela ya isa wannan aiki. Jakar da ta tsufa takan ɗan saki, don haka bambancin santimita ɗaya ba abin tashin hankali ba ne, amma wadda aka kira 30 ta auna 33 tana da bayanin da za ta yi.

Sai kuma a duba ko ta gargajiya ce ko mai igiyar ratayawa. Mai igiyar, wadda ake kira Bandoulière, ta fito a 2011. Ana gane ta da ɗaurin fata da ya hau kowane gefe nata, mai zoben ƙarfe inda ake maƙala igiyar, kuma zif ɗinta yana da kai biyu. Ta gargajiya ba ta da ɗaurin, zif ɗinta kai ɗaya ne. Wannan shekara ta 2011 tana da amfani sosai idan aka zo karanta lambar da ke cikin jakar.

Jiki da fata

Mutane da yawa suna ɗauka jikin jakar Monogram fata ne. Yadin auduga ne mai kauri da aka shafe da wani nau'in roba aka buga zane a kai. Fata tana wajen mariƙi, da 'yan kunnuwan da suka riƙe mariƙin, da bakin gefe. A Speedy ta zamani, yadi guda ɗaya ake naɗowa daga gaba, ya bi ta ƙasa, ya hau baya. Saboda haka babu ɗinki a tsakiyar gindinta, kuma haruffan L da V suna tsaye a fuska ɗaya, a ɗaya fuskar kuwa kansu a ƙasa yake. Wanda bai sani ba yakan ga haruffa a kife ya ce jabu ce, alhali haka ta asali take. Haka nan Speedy ta gargajiya ba ta da 'yan ƙafafun ƙarfe a gindi. Masu jabu sukan ƙara su don jakar ta yi kama da mai tsada, sai ƙarin ya tona musu asiri.

Fatar mariƙin Monogram ta saniya ce da aka jeme ba a rufe ta da fenti ba. Tana sabuwa fara ce sol-sol mai ɗan ratsin ruwan madara, sannan rana da iska da man hannu su riƙa rina ta a hankali har ta koma ruwan zuma, daga baya ta yi duhu. Duk badukun da ya saba da ɗanyen kirgi ya san wannan hali na fata. Rinin ba ya zuwa daidai ko'ina: tsakiyar mariƙi, inda tafin hannu ke kamawa, ya fi duhu, kuma ɗigon ruwa yakan bar tabo. Jabu mai arha robar da aka yi wa launi ce, ba ta sauyawa ko ta shekara goma. Jabu mai tsada takan zo da launin zuma da aka shafa mata tun daga masana'anta, daidai wa daida ko'ina, har can ƙarƙashin kunnuwan da rana ba ta kaiwa.

Zaren ɗinkin rawaya ne mai duhu, ba mai ƙyalli ba, kuma tazarar da ke tsakanin huda da huda ɗaya ce. A kan kunnen da ya riƙe mariƙi akan ƙirga ɗinki biyar a jeren sama. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne kunnuwan huɗu su yi daidai da juna. Idan ɗaya yana da biyar, wani shida, wani huɗu, to aikin gaggawa ne.

Abin da ƙarafa ke faɗa

Ƙarafan Speedy ba su da yawa: zif, zobban mariƙi, ƙusoshin da suka danne kunnuwan fata, da kwaɗo da makullansa biyu. Launinsu na tagulla ne, kuma tagulla tana da halinta. Tana da nauyi a hannu, idan ta tsufa takan dushe, wani lokaci har ta yi kore a lungu, amma idan aka goge sai haskenta ya dawo. Kwaɗon jabu yawanci gamin tutiya ne da aka yi wa ruwan zinariya na sama-sama. Yana da ƙyalli fiye da kima yana sabo, ba shi da nauyi, kuma idan ya kwana biyu sai rufin ya fara ɓarewa a kusurwa, farin ƙarfe ya leƙo daga ƙasa. Dushewa shaidar shekaru ce, ɓarewa irin ta bawo kuwa abin zargi ce, musamman a jikin kwaɗo.

Rubutun da ke kan ƙarfe ya fi launi tona asiri. A fuskar kwaɗo akwai L da V a haɗe, a bayansa akwai sunan kamfani da Paris da ƙasar da aka ƙera shi, a gindinsa kuma akwai lamba wadda dole ta yi daidai da ta jikin makullan. A kan ƙusoshin ma an zana sunan kamfanin a zagaye. Idan aka ɗauki hoton waɗannan da waya aka faɗaɗa, rubutun na asali yakan fito tsaf, zurfinsa ɗaya, bakin kowane harafi a yanke. Na jabu yakan yi kamar ya narke, domin an zuba ƙarfen ne a mazubin da aka kwafa daga wani kwaɗon, sannan rufin da aka yi masa ya cike ramukan haruffa.

Akwai masu gwada ƙarafan da maganaɗisu, wai idan bai kama ba to tagulla ce. Gaskiya ne maganaɗisu ba ya kama tagulla, amma ba ya kama tutiya ma, don haka wannan gwaji ba ya wanke jaka. Kwaɗon kansa ma shaida ce mai rauni, tunda cire shi ake yi. Ana sayar da kwaɗuna na asali daban, ana iya rataya ɗaya a jikin jabu, kamar yadda jakar asali kan rasa nata a hannun mai ita ta farko. Shi ya sa masu tantancewa suka fi dogara da ƙusoshi da zif, waɗanda ba sa fita sai an farke jaka. A tsofaffin jakunkuna na shekarun 1970 da 1980 ana samun zif mai sunan wasu kamfanoni irin su Talon da Eclair, kuma wannan daidai ne da zamaninsu.

Shafin ciki

Mai jabu yana kashe kuɗinsa a inda ido ke gani, ya tsuke hannu a ciki. Saboda haka ana buɗe jakar gaba ɗaya a kai ta wajen haske. Kowane zanen waje yana da shafin da ke tafiya da shi. Speedy ta Monogram shafinta yadin auduga ne ruwan ƙasa, mai ɗan kaushi, babu wani zane a jikinsa. Mai zanen dara ruwan ƙasa, wadda ake kira Damier Ebene, shafinta ja ne. Mai zanen dara fari da shuɗi-shuɗi, wato Damier Azur, wadda ta fito a 2006, an san ta da shafi mai haske ruwan madara. Speedy ta Monogram ta yau da kullum da aka buɗe aka tarar da shafi mai santsi kamar leda, ko mai laushi kamar karan-miski, ko wanda aka cika da tambarin L da V, ta kauce wa tsarinta.

Wannan ƙa'ida ta samfuran yau da kullum ce. Kamfanin yakan fitar da na musamman, kamar masu launuka da yawa da ya yi tare da mai zanen nan ɗan Japan, Takashi Murakami, a 2003, kuma waɗannan suna da nasu shafin da nasu ƙarafan. Nan ma sai an koma ga tambayar farko ta sanin samfurin.

Hanci ma yana aiki. Warin gam ko na sabuwar roba mai hawa kai alama ce ta masana'antar da ta manna abin da ya kamata a ɗinka.

Hatimi da lambar kwanan wata

A jikin ɗan kunnen fata da ke gefen Speedy akwai hatimin da aka danna da ƙarfe mai zafi. A sama akwai harafin R a cikin da'ira, sai LOUIS VUITTON, sai PARIS, sai layin da ke faɗin ƙasar da aka yi ta, misali made in France. Siffar haruffan ita ce abin dubawa. Harafin O zagayayye ne sosai, har yakan yi kamar ya fi L girma. Ƙafar L gajeriya ce. Haruffan T biyu na VUITTON suna dab da taɓa juna. Jabu yakan zo da O mai tsawo kamar ƙwai, ko haruffa masu kauri, ko hatimin da ya nutse a gefe ɗaya ya yi sama-sama a ɗayan.

Ba a Faransa kaɗai ake yin jakunkunan ba. Kamfanin yana da masana'antu a Sifen da Italiya da Amurka, har ya buɗe wata a jihar Texas a 2019. Don haka ganin made in Spain ko made in U.S.A. ba laifi ba ne.

Lambar da ke ciki ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. A Speedy tana jikin wani ɗan guntun fata a bayan aljihun ciki. Dillalai sukan nuna ta su ce ga lambar shaida. Ba lambar shaida ba ce, domin jakunkuna da yawa suna iya ɗaukar lamba iri ɗaya. Wuri da lokacin ƙira kawai take faɗa. An fara sa ta a farkon shekarun 1980. Daga 1990 tsarin ya zama haruffa biyu da alƙaluma huɗu. Haruffan na masana'anta ne: SP da TH da VI na Faransa ne, CA na Sifen, SD kuwa an yi amfani da shi a Faransa da Amurka duka.

Alƙaluman ana karanta su ne a tsallake. Na biyu da na huɗu su ne shekara. Na farko da na uku kuwa, daga 1990 zuwa 2006 wata suke nufi, daga 2007 kuma mako. Lambar SP1192 ke nan tana cewa Faransa, mako na 19 na 2012. Lambar VI1054 kuwa tana cewa wata na 15 na 2004, watan da babu shi a kalanda. Daga watan Maris na 2021 kamfanin ya daina buga wannan lamba, ya koma ɓoye wata 'yar na'ura a cikin jikin jakar wadda ma'aikatansa ke karantawa. Sabuwar jaka da babu lamba daidai take, wadda kuma lambarta ke nuna 2023 ta kama kanta.

Jaka ɗaya a kan tebur

A ɗauka wata dillaliya ta kawo Speedy ta Monogram mai igiyar ratayawa, ta ce 30 ce, da akwatinta da jakar yadin da ake adana ta da wani kati mai sheƙi. An auna, faɗi 30, tsayi 21. Akwai ɗaurin fata a gefe biyu da zobba, zif mai kai biyu, wato Bandoulière ce. Haruffa a kife suke a baya, babu ɗinki a gindi, shafi ruwan ƙasa ne. Har nan babu abin cewa, kuma jabu mai tsada yakan tsallake duk waɗannan.

Sai aka ɗaga aljihu aka karanta CA0045. Alƙalami na biyu da na huɗu sun ba da 05, wato 2005, na farko da na uku sun ba da 04, wato Afrilu. Jakar tana cewa an yi ta shekara shida kafin a fara yin samfurinta. Haruffan CA kuma na Sifen ne, alhali hatimin waje ya ce made in France. Mariƙin da ya kamata a ce ya ga shekaru kusan ashirin launinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, babu duhun tafin hannu. Katin ma ƙarin tuhuma ne, domin Louis Vuitton ba ya ba da katin shaidar inganci, kuma ba ya naɗe mariƙi da leda ko rataya guntun yadin Monogram a jikin jaka. Akwatin ba ya ceton ta, tunda ana sayar da akwatuna da rasit na jabu daban. Hukuncin wannan jaka a fili yake.

Akasin haka ma yana faruwa. Wata tsohuwar Speedy ta fito daga dilar gwanjo, kwaɗonta ya dushe, babu makulli, haruffa a kife a fuska ɗaya, hatimi ya ce made in U.S.A., lambar ciki SD0051, mariƙi kuwa sabo fil. Lambar tana nufin Mayu 2001, kuma SD ya dace da Amurka. Sabon mariƙi yana iya zama gyara, domin kamfanin yana sauya fatar da ta lalace idan an kai masa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya kayar da jakar, kodayake sai an duba ɗinki da ƙusoshi da siffar haruffa kafin a yarda da ita.

Iyakar abin da ido zai gani

Saɓani guda ɗaya tabbatacce, kamar watan da babu ko shekarar da ta riga samfuri, ya isa a ajiye jaka. Dacewar alama ɗaya kuwa ba ta isa a amince ba, domin masu jabu suna sayen ta asali su farke ta su kwafi lamba mai inganci. Waɗanda suka fi ƙwarewa a cikinsu suna amfani da fata ta gaske da tagulla ta gaske, har sai an kai ga duba saƙar yadi da madubin faɗaɗa abu kafin a gane. Manhajojin waya da ke cewa suna karanta 'yar na'urar ciki ma ba hujja ba ne, tunda ana sa irin wannan na'ura a jabu.

Louis Vuitton yana sayar da sababbin jakunkunansa ne ta hanyoyinsa na hukuma kawai, kamar shagunansa da shafinsa na intanet, ba ya ba 'yan sari, ba ya yin rangwamen ƙarshen shekara. Labarin "ragowar masana'anta" ko "wadda ta fita ta bayan gida" ba shi da tushe. Sabuwar Speedy ta yadi ta haura dala dubu ɗaya, don haka wadda aka kawo sabuwa a leda a kan rubu'in wannan kuɗi jabu ce. Wadda za ta sayi tsohuwa da kuɗi mai yawa ta nemi hotunan hatimi da lambar ciki da ƙusoshi da gindin jaka tun kafin ta biya, ta kuma sa sharaɗi a rubuce cewa za a mayar mata da kuɗinta idan ƙwararren mai tantancewa ya ce jakar ba ta asali ba ce.